Kai ƙarar kamfanin inshora gaban hukuma: abin da za ta iya yi maka, da lokacin da ba ya jiranka

A Garwa da Marwa da Ngaundere, idan kamfanin inshora ya riƙe wa mutum diyyarsa, shawarar da aka fi ba shi ita ce ya kai ƙara wurin hukuma. Shawarar ba ta da laifi. Sai dai yawancin masu ba da ita suna ɗaukan hukumar kamar alƙali, wanda zai saurari ɓangarorin biyu ya ce wa kamfani ya biya nan take. Ba haka aka gina ta ba. Wannan rashin fahimta yana jawo asara iri biyu. Wani yakan kai mata abin da ba huruminta ba ne, ya dawo yana cewa an haɗa baki da kamfani. Wani kuma yakan kai mata abin da ya dace, sai ya koma gida ya miƙe ƙafa yana jiran amsa, har wa'adin da doka ta ba shi na zuwa kotu ya shige bai sani ba. Na biyun ya fi ba ni tausayi, domin shi yana da gaskiya, kuma haƙurinsa ne ya cuce shi.

A fara da sanin wace ce hukumar. Kamaru da Cadi ba su da dokar inshora daban-daban. Dukansu suna cikin CIMA, ƙungiyar ƙasashen Afirka mai kula da harkar inshora, wadda aka sa hannu kan yarjejeniyar kafa ta a Yawunde a watan Yulin 1992, kundin dokokinta kuma ya fara aiki a watan Fabrairun 1995. Ƙasashe 14 ne ke bin wannan kundi, har da Nijar. Sa ido a kan kamfanoni hawa biyu ne. A sama akwai hukumar yanki, CRCA, wadda sakatariyarta take Libarbil ta ƙasar Gabon. Sai da amincewarta ake ba kamfani lasisi, ita ke tura masu bincike su duba littattafansa, ita kuma ke hukunta shi. A ƙasa kuma kowace ƙasa tana da sashen inshora a cikin ma'aikatar kuɗi. Na Kamaru yana Yawunde, sunan da ake bugawa a kan wasiƙa shi ne Direction des Assurances. Na Cadi yana Njamena. Yarjejeniyar ta ɗora wa waɗannan sassa kare haƙƙin masu inshora da masu cin gajiyarta, ta ce suna iya bin sawun rigingimun da ke tasowa tsakanin kamfanoni da masu inshora, kuma su ne ke ba dillalai da wakilai izinin aiki. Saboda haka ƙofar mai ƙorafi ita ce sashen ƙasarsa, ba Libarbil ba.

Mutanenmu suna yawan sauraron gidajen rediyon Najeriya, suna jin sunan NAICOM. Wannan hukumar Najeriya ce, ba ta da ta cewa a kan kamfanin da Kamaru ko Cadi ta ba lasisi. Haka nan ɗan Kuseri ta Kamaru da shagonsa yake Njamena, idan kamfanin Cadi ne ya yi wa shagon inshora, ƙorafinsa Njamena zai je ko da shi a Kuseri yake kwana.

Ikon hukumar yankin ba ƙarami ba ne. Sashe na 312 na kundin ya ba ta damar yi wa kamfani gargaɗi, ko ta tsawata masa, ko ta hana shi wasu ayyuka, ko ta dakatar da shugabanninsa ko ta sauke su, ko ta ci shi tara, ko ta mayar da yarjejeniyoyinsa hannun wani kamfani, ko ta janye lasisinsa gaba ɗaya. Duk waɗannan hukunce-hukunce a kan kamfanin suke sauka. Babu ko ɗaya a cikinsu da yake zama takardar hukunci a hannunka, wadda za ka kai banki a kame kuɗin kamfani a biya ka. Wannan sai kotu. Abin da hukuma take da shi shi ne kamfani yana jin tsoronta, domin rayuwarsa tana hannunta. Ƙorafin da ya yi nasara shi ne wanda ya sa wannan tsoro ya yi aiki a kan fayil ɗinka.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Misali ne kawai, amma lissafinsa da wa'adinsa na doka ne. A ce wani mai shagon atamfa da shadda a Garwa ya yi wa kayansa inshorar gobara ta sefa miliyan 12, ya biya kuɗin shekara cif, yana da rasiti. Wuta ta tashi ranar 10 ga Maris 2025, cikin azumi, lokacin da shago yake maƙare da kayan sallah. Ya sanar da kamfani a rubuce ranar 12 ga wata. Ya yi daidai, domin sashe na 12 ya ce wa'adin sanarwa ba zai gaza kwana biyar na aiki ba, sai a sata da mutuwar dabbobi ne yake awa 48. Kamfani ya naɗa ƙwararre mai ƙiyasta asara ranar 20 ga Maris. Ranar 2 ga Afrilu mai shago ya miƙa jerin abin da ya ƙone tare da rasitocin sari.

Ƙwararre ya gama aikinsa, ya ce kayan da ke shagon ranar gobara sun kai miliyan 16, abin da wuta ta ci kuma miliyan 10 ne. Sai kamfani ya yi tayin miliyan 7. Mai shago ya fusata, kuma kowa zai fahimci fushinsa: ya yi inshorar miliyan 12, ya yi asarar miliyan 10, don me za a ba shi 7? Amsar tana sashe na 35. Idan darajar kaya ranar asara ta fi adadin da aka yi wa inshora, doka tana ɗaukan mai kayan a matsayin wanda ya ɗauki nauyin rarar da kansa, sai dai idan yarjejeniya ta ce akasin haka. Ya rufe 12 cikin 16, wato kashi uku cikin huɗu. Kashi uku cikin huɗu na miliyan 10 shi ne miliyan 7 da rabi. A ce yarjejeniyarsa ta tanadi cewa sefa dubu 500 na farkon kowace asara shi zai ɗauka, sai ya rage miliyan 7. Idan ya kwashi wannan ya kai ma'aikatar kuɗi, ma'aikacin da ya duba fayil ɗin zai ga kamfani bai saɓa komai ba. Ciwon na gaske ne, amma asalinsa tun ranar da aka rubuta yarjejeniya ne, lokacin da ba wanda ya gaya masa cewa kayan sallah suna kumbura darajar shago.

Ana iya samun gardama ta gaskiya a nan, amma a wani wuri take. Idan mai shago yana ganin kayansa ba su kai miliyan 16 ba, ko asararsa ta wuce miliyan 10, wannan saɓani ne a kan ƙiyasi, kuma hukuma ba ta zuwa ta ƙirga bandir ɗin shadda da ya ƙone. Yawancin yarjejeniyoyin gobara sun tanadi hanyarsa: mai inshora ya ɗauko nasa ƙwararren ya biya shi daga aljihunsa, idan su biyun ba su daidaita ba a kira na uku, a raba kuɗinsa. A duba takardar yarjejeniya, nan aka rubuta. Haka kuma idan kamfani ya ce mai shago ne ya cinna wutar da kansa, ko ya ɓoye gaskiya da gangan lokacin cike takardu. Wannan magana ce ta shaida da hujja, alƙali ne ke warware ta.

To wane irin ƙorafi ne hukuma ke iya motsawa? Wanda laifin kamfani yake bayyane a kan takarda, ba sai an kira shaidu ba. Mu koma wurin mai shagonmu. A ce ya haƙura ya karɓi miliyan 7, ya sa hannu a takardar amincewa ranar 30 ga Yuni. Yarjejeniyarsa ta ce za a biya cikin kwana 30 bayan an daidaita. Yuli ya wuce, Agusta ya wuce. Duk zuwan da ya yi ofishin Garwa sai wakili ya tarbe shi da fara'a ya ce, "Alhaji, a ƙara haƙuri, takardunka suna Duwala, sa hannun babba kawai ake jira." Wannan shi ne ainihin abin da aka kafa hukuma dominsa. Babu gardama a kan adadi, babu gardama a kan dalili. Sashe na 16 ya ce idan abin da aka yi wa inshora ya auku, dole kamfani ya cika abin da ya ɗauka cikin wa'adin da aka yi yarjejeniya a kai. Kamfanin da ya amince da bashi ya kasa biya, ko dai yana wasa da abokan hulɗarsa, ko kuma aljihunsa ya fara bushewa, kuma duka biyun sun shafi mai sa ido kai tsaye.

Akwai wasu ƙorafe-ƙorafen masu irin wannan ƙarfi, inda kamfani ya ba da dalilin da doka ta riga ta rushe. Da a ce mai shagon ya yi jinkirin sanarwa har kwana goma saboda yana asibiti, kamfani ya ce ya rasa haƙƙinsa, sashe na 20 bai yarda ba sai kamfanin ya nuna cewa jinkirin ya cutar da shi. Da a ce an fito masa da wani sharaɗin hana biya da aka cusa cikin ƙananan haruffa, sashe na 8 ya ce irin waɗannan sharuɗɗa ba su da ƙarfi sai an rubuta su ɓaro-ɓaro yadda ido zai gani. Ga kuma wanda ya shafi mutanen Arewa Mai Nisa: kamfani ba ya biyan asarar yaƙi da tarzoma idan yarjejeniya ba ta haɗa da su ba, amma idan ya ce tarzoma ko yaƙin cikin gida ne ya jawo gobarar, sashe na 38 shi ya ɗora wa nauyin kawo hujja. Bai isa ya ce "yankinku babu tsaro" ya rufe fayil ba.

Kafin a tafi wurin hukuma, sai an tabbatar cewa hanyar kamfani ta ƙare da gaske. A nan ne mutanenmu suka fi rauni, domin mu mutanen baki ne, muna ganin zuwa da ƙafa da gaisuwa ya fi takarda daraja. Zuwa ashirin ofishin wakili bai bar alama ko ɗaya a fayil ba. Tambayar farko da ma'aikacin hukuma zai yi ita ce: ka rubuta wa kamfanin? Yaushe? Me ya amsa? Wanda ba shi da amsar wannan, sai a mayar da shi ya fara daga nan. Kuma a lura da wanda ake ba wasiƙar. Yawancin kamfanonin Kamaru manyan ofisoshinsu suna Duwala ko Yawunde, abin da muke gani a arewa reshe ne, ko wakilin kamfani, ko dillali. Dillali ɗan tsakani ne mai cin gashin kansa. Takardar da ka bar masa a tebur ba lallai ta zama takardar da ta isa kamfani ba. A rubuta wa babban darakta a babban ofis, a ba reshe kwafi su buga hatimi da kwanan wata a kan naka.

Wasiƙar nan ba ta bukatar tsawo. Lambar yarjejeniya, lambar fayil ɗin asara, ranar gobara, ranar da aka amince da miliyan 7, sashen yarjejeniyar da ya ba da kwana 30, sannan a fito fili a nemi biyan kuɗin cikin wani wa'adi, a ce kwana 15. Abu mafi muhimmanci shi ne yadda za a aika ta: ta gidan waya, wasiƙa mai rajista wadda ake dawo maka da shaidar cewa an karɓa. Dalilin wannan shi ne zuciyar maganar gaba ɗaya.

Sashe na 28 ya ce duk wata ƙara da ta taso daga yarjejeniyar inshora tana mutuwa bayan shekara biyu daga abin da ya haifar da ita. Inshorar rai da raunin hatsarin mota suna da nasu wa'adin daban, amma gobarar shago shekara biyu ce. Ga mai shagonmu, ƙidaya ta fara ranar 10 ga Maris 2025. Sashe na 29 ya faɗi abubuwan da ke katse wannan ƙidaya ta koma farko. Akwai hanyoyin da aka saba da su a shari'a, kamar shigar da ƙara kotu. Akwai naɗa ƙwararre bayan asara. Akwai kuma wasiƙa mai rajista da shaidar karɓa, wadda mai inshora ya aika wa kamfani yana neman a biya shi diyya. Naɗin ƙwararre na ranar 20 ga Maris 2025 ya mayar da ƙarshen wa'adi zuwa 20 ga Maris 2027. Idan ya aika wasiƙa mai rajista ranar 15 ga Satumba 2025, ya sami sabuwar shekara biyu daga nan, zuwa Satumban 2027.

Kai ƙorafi wurin hukuma ba ya cikin abubuwan da sashen ya lissafa. Kiran waya ba ya ciki. Saƙon WhatsApp da wakili ya amsa da "in sha Allahu mako mai zuwa" ba abin dogaro ba ne. Ko wasiƙar da ka kai da hannu aka buga maka hatimi, hujja ce mai kyau cewa ka nemi haƙƙinka, amma ba ita ce siffar da sashen ya ambata ba, kuma bai kamata mutum ya jingina miliyan 7 a kan fatan cewa alƙali zai ɗauke ta daidai da mai rajista ba. Saboda haka fayil yana iya kasancewa a teburin ma'aikatar kuɗi ana ta musayar wasiƙu, alhali wa'adin kotu yana tafiya abinsa. Ranar da shekara biyu ta cika, lauyan kamfani ba ya bukatar ya musa gobara ko ya musa adadi. Kwanan wata kawai zai nuna. Na san wani zai ce takardar amincewar da kamfani ya sa wa hannu ita ma tana iya katse wa'adi, tunda amsa bashi ce. Tana iya yi. Amma wannan gardama ce da za a je a yi a gaban alƙali, kuɗin rajistar wasiƙa kuwa bai kai na buhun shinkafa ba. Ni a ganina duk wanda ke bin kamfani diyya ya riƙa aika irin wannan wasiƙa sau ɗaya a shekara har ranar da kuɗi ya shiga hannunsa, ya adana rasitin gidan waya da katin shaidar karɓa tare da takardun gidansa.

Yaushe ne lokacin hawa sama? Alamu uku ne a ganina, kuma ko ɗaya ta isa. Idan babban ofis ya ƙi biya a rubuce da dalilin da ya saɓa wa kundin ko yarjejeniya. Idan wa'adin da ka ba su a wasiƙa ya wuce ba amsa. Ko idan an amince da adadi, wa'adin biya ya shige. A gobara ma doka ta sa wasu alamomin tun kafin a kai ga tayi. Sashe na 46 ya ce idan wata uku ya cika daga ranar da ka miƙa jerin asara da hujjojinta, ƙiyasi bai ƙare ba saboda kamfani ko ƙwararrensa, kana da damar aika musu takardar gargaɗi ta hannun jami'in shari'a mai kai sammaci, daga nan kuɗin ruwa ya fara hawa kansu. Idan wata shida ya cika, kowane ɓangare yana iya zuwa kotu. Da a ce ƙwararren mai shagonmu ya ɓata ɓat, waɗannan ranaku su ne 2 ga Yuli da 2 ga Oktoba 2025. Da yawa daga cikinmu ba sa son jin maganar kuɗin ruwa, kuma hukuncin karɓarsa tambaya ce ta malamai. Amma takardar gargaɗin tana da amfani ko ba za a taɓa ruwan ba, domin tana kafa ranar da kamfani ya shiga laifi, kuma ita ce hujja mafi nauyi a fayil ɗin da za a kai hukuma.

Gaggawa ma tana da illa. Wanda ya kai ƙara mako biyu bayan gobara, ƙwararre bai ko gama auna shago ba, za a ce masa ya jira, kuma ya zubar da nauyin ƙorafinsa tun kafin ya bukace shi.

Takardar ƙorafin ana rubuta ta da Faransanci ko Turancin Ingilishi a Kamaru, a Cadi kuma Faransanci ko Larabci ne harsunan gwamnati. Wanda bai iya ba ya nemi wanda zai rubuta masa, amma ya sa a karanta masa a fassara kafin ya sa hannu. Shafi ɗaya ko biyu ya wadatar. A jera abin da ya faru bisa kwanan wata, a faɗi sashen da aka saɓa, a faɗi abin da ake roƙo: hukuma ta nemi bayani daga kamfani, ta sa shi ya cika alkawarin miliyan 7. A haɗa kwafin yarjejeniya, rasitin biyan kuɗin inshora, takardar sanarwa, rahoton 'yan sanda ko 'yan kwana-kwana, rahoton ƙwararre, takardar amincewa, da wasiƙa mai rajista da shaidarta. Kwafi kawai, asali ya zauna a gida. Zagin kamfani da kiran su ɓarayi ba ya ƙara komai. Labarin wahalar iyali gaskiya ne, a ba shi layi biyu, amma ma'aikacin da zai rubuta wa kamfani kwanan wata da lambar sashe yake bukata.

Rasitin biyan kuɗin inshora ya cancanci a tsaya a kansa. Tun gyaran da aka yi wa sashe na 13 a 2011, ƙa'idar ita ce inshora ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta. Wanda ya karɓi takarda bashi da alkawarin zai biya bayan sallah, wuta ta riga shi, hukuma ba ta da abin da za ta yi masa. Idan kuma ya biya dillali, dillali ya riƙe kuɗin bai kai ba, ƙorafinsa ya zama biyu, kuma na dillalin ya faɗa tsakiyar hurumin sashen inshora na ƙasa, tunda shi ke ba dillali izini kuma shi ke sa masa ido. Kundin ma ya hana 'yan tsakani karɓar tsabar kuɗi sama da sefa miliyan ɗaya a kan yarjejeniya guda. Duk wanda ya miƙa fiye da haka a hannu, ya nemi rasitin kamfani tun ranar.

Idan ƙorafi ya isa, aikin hukuma yawanci na wasiƙa ne. Za a shigar da shi rajista, a rubuta wa kamfani a nemi bayaninsa da takardunsa, a gwada abin da ya faɗa da abin da kai ka kawo. Wani lokaci wasiƙar farko kaɗai takan fito da cek, domin fayil ɗin da ya kwana a aljihun tebur ya koma gaban babban darakta da hatimin ma'aikatar kuɗi a kansa. Wani lokaci a kira ɓangarorin biyu a yi ƙoƙarin sulhu. Wani lokaci kuma kamfani ya amsa da hujjar da ke bukatar shari'a, hukuma ta ce maka ka nemi kotu. Wannan amsa ta ƙarshe tana yi wa mutane ciwo, amma tana da amfani: yanzu kana riƙe da matsayin kamfani a rubuce, ba zai iya sauya labari cikin sauƙi a gaban alƙali ba. Ka nemi lambar da aka ba ƙorafinka, ka riƙa bibiya da ita. Idan kamfani ya kawo takardar shaidar an biya ka ya ce ka sa hannu kafin kuɗi ya fito, ka rubuta a kanta da hannunka cewa ba ta aiki sai kuɗin ya shiga, ka riƙe kwafi.

Akwai wani amfanin da mai ƙorafi ba ya gani. Yadda kamfani ke biyan diyya yana cikin abin da masu binciken CRCA ke dubawa idan sun shiga littattafansa. Ƙorafi guda yana iya zama kuskuren ma'aikaci. Ƙorafi talatin masu kama ɗaya a kan kamfani ɗaya alama ce ta ciwo a cikin asusunsa. Mu 'yan arewa, saboda nisanmu da Yawunde da kuma kunyar a ce mun kai ƙara, ba kasafai muke rubutawa ba, sai kamfanin da ke wulaƙanta mutane a Marwa ya zama kamar ba shi da aibi a idon mai sa ido. Wannan yana damuna ƙwarai, domin shirunmu ne ke sa a ci gaba da sayar wa maƙwabcinmu takardar da ba za a biya ba.

Idan hukuma ta yi nata kamfani bai motsa ba, ko watanni sun ja ba labari, kotu ta rage, kuma ba sai an jira hukuma ta rufe fayil ba. Mutane da yawa suna tsoron cewa sai sun bi kamfani Duwala. Sashe na 30 ya sauƙaƙa wannan: a rigimar ƙayyade diyya da biyanta, ƙa'idar ita ce kotun inda mai inshora yake zaune, idan kuma gini ne ko kaya, kotun inda kayan suke. Mai shagonmu a Garwa zai shigar da ƙararsa. A tsarin kotunan Kamaru na dokar 2006, da'awar da ba ta wuce sefa miliyan 10 ba tana zuwa kotun matakin farko, wadda ta wuce kuma babbar kotu, saboda haka miliyan 7 ɗinsa ta kotun matakin farko ce. Kada ya bari sai saura mako guda wa'adi ya cika. Idan saura wata shida kuma kuɗi bai fito ba, lokacin ganin lauya ya yi, ko me ake ce masa a waya.

Hali ɗaya ne ke sauya duk wannan lissafi, shi ne idan hukuma ta janye lasisin kamfanin. Daga nan kamfani ya shiga hannun wanda kotu ta naɗa ya tattara dukiyarsa ya biya masu binsa, kuma wurinsa ake kai da'awa da hujjoji cikin wa'adin da aka sanar, ba wurin tsohon wakili ba. Yarjejeniyoyin dukiya irin na gobara da mota suna daina aiki da tsakar rana ta arba'in bayan an buga sanarwar janyewar. Mai shagon da ya sake gina shagonsa ya zuba sabbin kaya, idan har yanzu takardar wannan kamfani ce a hannunsa, sai ya nemi wani kamfanin kafin ranar, yana kuma bin tsohon bashinsa a wurin mai tattara dukiyar.